Firofoma da Kamashal Inbois: Takardu Biyu Masu Kama da Juna, Aikinsu Daban

Duk wanda ya taɓa sayo kaya daga Guwanju, Dubai ko Istambul ya san cewa kamfani kan turo takarda sau biyu a kan ciniki guda. Ta farko tana zuwa tun ba a biya ko kwabo ba, a samanta an rubuta Proforma Invoice. Ta biyu tana zuwa bayan an rufe kwantena, a samanta an rubuta Commercial Invoice. Tambarin kamfani iri ɗaya, jerin kaya iri ɗaya, sau da yawa ma har jimillar kuɗin ɗaya ce. Shi ya sa ɗan kasuwar da bai goge ba kan ɗauka maimaici ne kawai, ya ajiye ɗaya a aljihun mota ya miƙa wa ejan ɗinsa duk wadda hannunsa ya fara kaiwa. Banki da kwastam kuwa ba haka suke kallon su ba.

Firofoma tana faɗin abin da za a yi ne: ga kayan da mai sayarwa ya yarda zai bayar, ga farashinsu, ga sharuɗɗan. Kamashal inbois tana faɗin abin da aka riga aka yi: ga kayan da suka shiga jirgi da gaske, ga kuɗin da ake bin mai saye. Tsakanin ranar da aka rubuta ta farko da ranar da aka rubuta ta biyu akan yi wata biyu ko uku, kuma a wannan tsakanin ne abubuwa ke sauyawa, har ɗan kasuwa ya wayi gari kayansa na kwance a Apapa ana ƙirga masa kuɗin jinkiri.

Hanya mafi sauƙi ta ganin haka ita ce a bi ciniki guda daga fari har ƙarshe. A ɗauki misalin wani mai shagon injina a Kano da yake son shigo da injin ban ruwa mai inci uku kafin lokacin noman rani. A kira shi Alhaji kawai. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, an zaɓe su don lissafin ya fito fili.

Kafin kaya su motsa

Alhaji ya yi magana da wata masana'anta a Sin, an yi tayi an yi sallama a waya, sai ya ce a turo masa PI, kamar yadda 'yan kasuwa da Sinawan kansu suke taƙaita sunan firofoma. Takardar ta zo da inji 700 a kan dala 60 kowanne, wato dala 42,000. Kuɗin jirgi zuwa Legas dala 4,000. Jimilla dala 46,000. A ƙasa an rubuta cewa za a biya kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, ragowar kashi 70 idan an loda kaya, kuma za a gama haɗa injinan cikin kwana 45 daga ranar da kuɗin farko suka shiga. Akwai lambar asusun bankin kamfanin, akwai kuma ranar da farashin zai daina aiki.

A wannan matakin ba wanda ke bin wani bashi. Masana'anta ba za ta rubuta dala 46,000 a littafinta a matsayin cinikin da ta yi ba, shi ma Alhaji ba zai rubuta su a matsayin kayan da ya saya ba. Amma kuskure ne a ce takardar ba ta da nauyi, kamar yadda wasu ke faɗa. Da zarar Alhaji ya sa hannu ya mayar, ko ya tura kafin alƙalami a kanta, to ita ce shaidar abin da aka yi yarjejeniya a kai. Ƙananan 'yan kasuwa da yawa ba su da wata kwangila da ta wuce ta. Idan gobe aka kawo inji mai inci biyu maimakon uku, abin da za a fara dubawa shi ne abin da firofoma ta ce. In cewa kawai ta yi injin ban ruwa, ba inci, ba ƙarfin inji, ba lambar samfuri, to Alhaji ba shi da bakin magana.

Amfaninta na biyu ya fi wannan girma ga mai shigo da kaya Nijeriya, domin ita ce mabuɗin Form M. Wannan fom shi ne sanarwar da mai shigo da kaya yake yi wa Babban Bankin Nijeriya da hukumar kwastam cewa ga abin da yake shirin kawowa. Ana cike shi ta intanet, ya bi ta bankin ɗan kasuwa, banki ya tantance, kwastam su yi masa rajista. Ƙa'ida ita ce a buɗe shi kafin a loda kaya a jirgi, kuma wajibi ne ko da mutum da dalarsa zai biya bai nemi canji daga banki ba. Tun da kaya ba su tashi ba, babu kamashal inbois a duniya a wannan lokacin. Abin da za a kwafa a zuba cikin fom ɗin duk daga firofoma zai fito: sunan mai sayarwa da adireshinsa, bayanin kaya, yawansu, farashin kowane ɗaya, ƙasar da aka ƙera su, tashar da za a loda da wadda za a sauke.

Saboda haka bankuna suke da tsanani a kanta. Suna son ganin kuɗin kaya daban, kuɗin jirgi daban, ba a dunƙule ba. Ba sa son firofomar da ta tsufa, wadda ta haura wata uku akan ce a sabunto ta. Suna kuma duba haruffa ukun da ke gaban farashi, waɗanda ke nuna inda nauyin mai sayarwa ya tsaya. Waɗannan haruffa daga kundin Incoterms suke, wanda Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya mai hedikwata a Faris take fitarwa, bugu na baya-bayan nan shi ne na 2020. FOB na nufin mai sayarwa ya ɗora kaya a jirgi a tasharsa, daga nan sauran na mai saye ne. CFR na nufin ya biya har kuɗin jirgi. CIF kuma ya haɗa da inshora. A Nijeriya doka ta ce inshorar kayan da ake shigowa da su a wajen kamfanin cikin gida za a yi ta, don haka firofomar da ta zo da CIF takan jawo tambaya a banki, CFR aka saba gani.

Inshorar ma a kan firofoma ake yin ta. Al'ada ita ce a rufe kashi 110 cikin ɗari na kuɗin kaya da na jirgi, wato a misalin Alhaji dala 50,600. Idan kayan na cikin waɗanda hukumar kula da ingancin kaya take sa wa ido, sai an haɗa da takardar shaidar samfuri ta tsarin SONCAP tun a wannan matakin, in kuwa abinci ne ko magani, izinin NAFDAC. Duk waɗannan takardu bayanin da ke jikin firofoma suke ɗauka. Kuskuren harafi ɗaya a lambar samfuri a nan zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani abu a jikin firofoma da ya cancanci a dakata a kansa, wato lambar asusu. Ɗaya daga cikin damfarar da ta fi yawa a cinikin ƙasa da ƙasa ita ce ɓarayi su kutsa cikin imel ɗin kamfani, su bar komai na takardar yadda yake, su sauya asusun banki kaɗai. Alamominta sanannu ne: saƙo ya zo cewa asusun da aka saba yana da matsala a tura wani sabo, ko sunan mai asusun ya bambanta da sunan kamfanin da ke saman takarda, ko kamfani yana wata ƙasa asusun yana wata ba tare da wani bayani ba. Gogaggun 'yan kasuwa ba sa tura kuɗi a sabon asusu sai sun kira mutumin da suka sani a lambar da suka saba kira, ba lambar da ke cikin sabon saƙon ba.

Alhaji ya tantance, ya tura dala 13,800, kashi 30 na 46,000. Form M ya fito da lambarsa. Ya tura wa masana'anta lambar, domin dole ta bayyana a jikin takardun da za su biyo kaya.

Ranar da aka rufe kwantena

Bayan kwana hamsin da 'yan kai, aka zo lodi. Katan-katan ɗin sun ɗan fi yadda aka ƙiyasta girma, kwantena ta cika a inji 660, arba'in suka rage a masana'anta. A cikin makonnin da suka wuce kuɗin jirgi ya tashi zuwa dala 4,400. Sannan masana'anta ta cusa katan biyar na kayan gyara, su bututu da roba da fulogi, a matsayin gyara ga abokin ciniki.

Yanzu ne ake rubuta kamashal inbois, kuma abin da ya faru take rubutawa. Inji 660 a kan dala 60, dala 39,600. Kuɗin jirgi 4,400. Jimilla dala 44,000. Tana da lambarta da ranarta daban da na firofoma, tana ɗauke da lambar Form M, kuma dole ta yi daidai da 'yan uwanta biyu: takardar lissafin katan-katan, wadda ke faɗin yawa da nauyi, da takardar kamfanin jirgi da ake kira BL, wadda ke shaida cewa an karɓi kayan kuma ita ce hujjar mallakarsu.

Amfani na farko da Alhaji zai samu daga gare ta na aljihunsa ne kai tsaye. Da firofoma ya bi wajen biyan ciko, da dala 32,200 zai tura. Abin da ake bin sa da gaske shi ne 44,000 a cire 13,800, wato dala 30,200. Dala dubu biyu ke nan da za su tafi su zauna a asusun wani a Sin, a ce masa za a cire a ciniki na gaba.

A nan ma akwai tarko. Wasu akawun masana'antu kan rubuta kamashal inbois a kan cikon kaɗai, su sa jimilla dala 30,200 tun da shi ne abin da ya rage a biya. A wajen akawu lissafi ne mai ma'ana, a wajen kwastam kuwa takarda ce da ke nuna an rage darajar kaya da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daidai shi ne ta nuna cikakken farashi, sannan a ƙasa ta nuna abin da aka riga aka biya da abin da ya saura.

Katan biyar na gyara su ma dole su shiga takarda. Kyauta ce tsakanin Alhaji da masana'anta, amma kwastam ba su san kyauta ba, kaya suka sani. Idan aka buɗe kwantena aka ga abin da ba ya cikin inbois, sunansa kayan da ba a bayyana ba. Yadda ake yi shi ne a jera su a layinsu, a sa musu kimar da ta dace, a rubuta cewa ba a caji kuɗinsu ba, kimar don kwastam ce kawai. Tun da kuma ba sa cikin Form M na asali, ya kamata banki ya ji labarinsu kafin jirgi ya iso.

Abin da kwastam ke nema a jikinta

Daga 2006 Nijeriya ta koma duba kaya a inda suka sauka maimakon a ƙasar da suka taso, kamfanoni masu zaman kansu ne kuma suke fitar da rahoton kimar kaya. A ƙarshen 2013 hukumar kwastam ta karɓi aikin da kanta, ta fara fitar da rahoton da ake kira PAAR. Shi ne takardar da ke faɗin rukunin da kaya suka faɗa da kimar da za a lissafa kuɗin fito a kai. Don a samu PAAR, banki ne yake tura wa kwastam takardun ƙarshe: kamashal inbois, BL, lissafin katan-katan, shaidar ƙasar asali, da takardar SONCAP ta wannan lodin idan kayan na buƙata. Firofoma ba ta cikin wannan jerin. Aikinta ya ƙare tun ranar da Form M ya fito.

Dalilin hakan yana cikin yarjejeniyar kimanta kaya ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Nijeriya ke cikinta tun 1995. Tushen yarjejeniyar shi ne a caji kuɗin fito a kan farashin da aka biya ko za a biya da gaske. Firofoma ba za ta iya shaida wannan ba, domin an rubuta ta tun kafin a san inji nawa kwantena za ta ci.

Nijeriya tana lissafin kuɗin fito ne a kan kuɗin kaya da na jirgi da na inshora a haɗe. A ce Alhaji ya biya kamfanin inshora abin da ya kai dala 200, kimar ta zama 44,200. Jadawalin harajin bai ɗaya na ƙasashen ECOWAS yana da matakai biyar: sifiri, kashi 5, 10, 20 da 35. Matakin da kaya za su faɗa ya danganta da lambar rukuninsu, wadda ake kira HS, lambobi shida na farko iri ɗaya ne a duk duniya, yankinmu kuma ya cike su zuwa goma. A ɗauka don misali cewa injinan sun faɗa kashi 5, kuɗin fito ya kama dala 2,210. A kan wannan za a ɗora harajin VAT na kashi 7.5, wanda ake lissafawa bayan an haɗa kima da kuɗin fito da sauran ƙananan caje-caje. Idan aka bar alƙaluman firofoma suka wuce, Alhaji zai biya haraji a kan inji arba'in da har yanzu suna zaune a Sin, kuma karɓo rarar kuɗi daga hannun gwamnati ba aikin kwana ɗaya ba ne.

Wannan shi ne ƙaramin hatsari. Babban yana ɗaya ɓangaren. Da a ce kwantena ta ci 720 maimakon 700, ko farashi ya tashi, sai kamashal inbois ta zarce abin da ke cikin Form M. A nan dole a koma banki a nemi gyaran fom, tare da takarda daga mai sayarwa da ke bayanin sauyin. Jirgi daga Sin zuwa Legas yakan yi wata guda ko fiye a kan ruwa, kuma wannan lokacin ne na gyara. Wanda ya bari sai kwantena ta sauka, zai yi gyaran ne kwanakin kyauta da kamfanin jirgi da masu tasha ke bayarwa suna ƙarewa, bayan su kuma kowace rana da kuɗinta, gida biyu.

Ba za a yi wannan magana a tsallake inbois biyu ba, domin kowa a kasuwa ya san da shi. Wasu masu sayarwa da bakinsu suke tambaya: nawa za a rubuta a ta kwastam? Sai a yi ta gaskiya a ajiye, a yi wata mai rabin farashi a miƙa. Ban da cewa laifi ne a ƙarƙashin dokar hukumar kwastam ta 2023, dabara ce da take da ramuka da yawa. Kwastam suna da tarihin farashin da wasu suka bayyana a kan irin kayan, in suka ga inji na dala 60 an rubuta 30 sai su ɗaga kimar, su fitar da takardar neman ciko da ejan-ejan ke kira DN. Sukan kuma bi sawu bayan kaya sun fita, su nemi shaidar kuɗin da aka tura. Sannan ranar da ruwa ya shiga kwantena, kamfanin inshora takardar da aka ba shi zai duba, kuma rabin farashi zai biya. Haka idan rigima ta taso da masana'anta, mai saye ya riga ya sa hannu a kan cewa kayan rabin kuɗinsu suka kai.

Wani abin da masu gaskiya ma kan yi tuntuɓe da shi shi ne kuɗin da aka biya a gefe. Idan Alhaji ya biya masana'anta daban don ta ƙera masa murfi mai ɗauke da sunan shagonsa, ko ya biya kuɗin wani kwali na musamman, a ƙa'idar kimanta kaya waɗannan suna cikin darajar injinan ko da ba su fito a layin farashi ba.

Idan banki ne zai biya

Alhaji da dalarsa ya biya. Manyan kamfanoni da masu shigo da injinan masana'anta sukan bi ta takardar lamunin banki, wadda aka fi sani da LC. A nan ne bambancin takardun biyu ya fi tsanani.

Da firofoma ake buɗe LC. Bayanin kayan da ke cikinta banki zai kwafa ya aika wa bankin mai sayarwa, yana alkawarin biya idan aka kawo takardu kaza da kaza. Da kamashal inbois kuma ake karɓar kuɗin. Ƙa'idojin da bankunan duniya ke bi, wato UCP 600 da suka fara aiki a ranar 1 ga Yuli 2007, sun ware sashe na 18 don ita kaɗai: dole ta fito daga wanda aka buɗe wa lamunin, da sunan wanda ya buɗe, da irin kuɗin da aka rubuta a lamunin, kuma bayanin kaya ya dace da na lamunin. Abin mamaki, sashen bai wajabta sa hannu a kanta ba. Amma idan mai sayarwa ya kawo takarda mai kan Proforma a madadinta, banki ba zai karɓa ba, ko da kowane alƙalami na cikinta daidai ne.

Banki ba ya ganin inji, takarda yake gani, kuma yana da kwanakin aiki biyar ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Da lodin Alhaji ta LC ya bi, batun inji arba'in ɗin nan zai iya zama magana. Ƙa'idojin sun yarda da ragi ko ƙari na kashi 5 a yawan kaya, amma ba ga kayan da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya ko katan-katan ba, sai irin su hatsi ko taki da ake aunawa da nauyi. Inji ƙirga shi ake yi. Idan lamunin ya hana a turo kaya kashi-kashi, to 660 a wurin 700 saɓani ne, banki zai dakatar da biya har sai mai saye ya ce ya yafe ko a gyara lamunin. Da tun a firofoma an rubuta kimanin 700, aka kuma kwafa haka cikin lamunin, kalmar nan ɗaya tana ba da sararin kashi 10 sama ko ƙasa. Masu shigo da kayan da ba a san iyakar abin da kwantena za ta ci ba sun san darajar wannan kalma.

Inda layin ya ɗan shuɗe

Akwai wuraren da firofoma kan raka kaya har gaban kwastam. Wanda aka aiko wa samfuri guda ta kamfanin aika saƙo don ya gani kafin ya saya, ko asibitin da aka ba kyautar na'ura, ko kayan da aka mayar gyara, duk babu ciniki a cikinsu, don haka babu kuɗin da za a nema. Akan haɗa su da firofoma mai nuna kimarsu don kwastam su sami abin lissafi. Rubuta cewa kaya ba na sayarwa ba ne ba ya ɗauke haraji, kuma sa musu dala ɗaya don an ce kyauta ce yakan jawo a riƙe su a sake kimantawa. A Amurka ma doka ta yarda a fitar da kaya da firofoma idan kamashal inbois ba ta iso ba, bisa jinginar cewa za a kawo ta cikin kwana 120. Wannan sassaucin na can ne, kada wani ya ji labarinsa ya zo da shi Tinkan.

'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram tsarinsu na Faransanci ne, ba su da Form M, amma rabon aikin bai sauya ba. Da firofoma ake buɗe fayil ɗin shigo da kaya a banki idan kuɗin sun kai wani adadi, da inbois na ƙarshe kuma ake yin diwan.

Sai kuma dubban masu ƙaramin jari, mata da matasa, da ke sayen katan biyar ko goma a Iwu ko ta manhajar waya su ba kamfanin kago ya haɗa da na wasu a kwantena ɗaya. Su ba sa buɗe Form M, ba sa ganin PAAR, kuɗin kilo ko na girman kaya kawai suke biya su karɓi kayansu a Kano. Takardun suna nan, amma da sunan mai kago suke, shi ne mai shigo da kaya a idon kwastam. Hakan na nufin in ya bayyana ƙarya aka kama kwantenar, mai katan goma ba shi da wata takarda ta hukuma da ke nuna kayan nasa ne. Abin da zai iya riƙewa shi ne firofomar da mai sayarwa ya ba shi, da shaidar kuɗin da ya tura, da inbois ɗin da aka ba shi bayan an kai kayan sito, da rasit ɗin mai kago mai ɗauke da yawan katan da alamar da aka rubuta a jikinsu. Da waɗannan huɗun ne zai iya bin mai kago diyya.

Ga wanda ya kai matakin cika kwantena da sunansa, akwai wata ɗabi'a da ejan-ejan na ƙwarai suke nacewa a kai. Kafin masana'anta ta buga takardun ƙarshe ta aiko, a ce ta turo daftarinsu ta waya. A shimfiɗa firofoma da Form M a gefe ɗaya, daftarin kamashal inbois da na BL da lissafin katan-katan a ɗaya gefen, a bi su layi-layi: sunan kamfanin mai saye kamar yadda yake a rajistar haraji, lambar Form M, bayanin kaya, lambar HS, yawa, farashin ɗaya, kuɗin jirgi, nauyi, lambar kwantena, tashar sauka. Duk inda aka ga bambanci, a tambayi dalili. Idan kuskuren rubutu ne, masana'anta za ta gyara shi a minti goma tun takarda tana daftari. Idan sauyi ne na gaske, kamar injinan nan arba'in da katan biyar na gyara, sai a sanar da banki a ranar, a kuma sa masana'anta ta rubuta makomar ragowar kayan: ko a soke su, ko su biyo lodi na gaba da nasu kamashal inbois ɗin.